Yadda na sayo wa yarana takalman makaranta bana, bayan asarar da na yi bara

Bara dai na yi kuskuren da nasan iyaye da yawa muna yi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda na bi da abin bana, daga awon ƙafa har zuwa wajen mai ɗinki, ko wata zata amfana. Yarana uku ne a makaranta, Yaya yana aji 5 a firamare shekararsa 10, Ummi shekara 7, sai Auta da yake nazare shekararsa 4. A Kano muke, kuma duk wanda yake da yara ya san yadda watan Satumba yake, kuɗin makaranta, littattafai, yunifom, jaka, takalmi sai ya zama shi ne na ƙarshe a lissafi, lokacin da aljihu ya riga ya bushe.

To bara abin da ya faru shi ne, na je kasuwa ni kaɗai ba tare da yaran ba, na ga wani kofa shu baƙi yana ta sheƙi, naira 4,500, na ɗauko wa Ummi. Lambar da ta dace da ita a lokacin 29 ce amma nace a bani 31, a tunanina ai yara girma suke kamar ana jansu, gara in sayi mai girma ya kai ta shekara biyu. Mai shagon ma yace min Hajiya ai haka ake yi, ki cusa mata tsumma ko auduga a gaba shikenan. Na cusa ɗin kuwa. Sati biyu ba a yi ba yarinyar nan ta fara dawowa da bororo a diddige, ina nufin irin bororon nan mai ruwa da takalmi yake yi wa mutum, saboda duk takun da zata yi diddigenta sai ya fito ya koma, ya fito ya koma, yana gogar bayan takalmin. Kuma sai na lura tafiyarta ta canza, ta daina ɗaga ƙafa sai jan takalmin take a ƙasa, yatsunta kuma a dunƙule dan ta riƙe shi kar ya cire. Sau biyu tana faɗuwa a filin wasa, gwiwarta har yanzu da tabon. Jan da take yi ya cinye ƙasan takalmin ta baya, gaban kuma da yake babu yatsu a ciki sai ya lanƙwashe ya ɗaga sama, saman ya fara ɓarewa daidai inda yake karyewa. Kafin a shiga tsakiyar zango na biyu takalmin ya mutu murus.

Abin da ya fi min ciwo, bana da na auna ƙafarta 31 ɗin nan ce daidai lambarta. Wato ƙafar ta iso inda na tanadar mata amma takalmin bai jira ta ba. Daga nan na gane cewa sayen babban takalmi dan ya daɗe lissafi ne da baya fita, sai dai idan takalmin mai ƙarko ne sosai, kuma ko mai ƙarkon ne yaron zai sha wahalarsa watanni kafin ya cika shi.

Bana kafin in taka ƙafata kasuwa sai da na yi awo a gida. Wata maƙwabciyata da ta taɓa aiki a shagon kayan yara ita ta nuna min, kuma abin ba wuya. Na samo kwalin indomi na yaga shi ya zama shimfiɗaɗɗe, na ajiye a kan siminti jikin bango. Kowane yaro ya sa safar makarantarsa, ya tsaya a kai, diddigensa ya taɓa bango, kuma a tsaye fa ba a zaune ba, dan ƙafa tana bajewa idan nauyin jiki ya sauka a kanta. Sai in ja layi da biro daidai bakin yatsan da ya fi tsawo, a wasu yaran babban yatsa ne, a wasu kuma na kusa da shi ya fi fitowa, kamar Yaya. Da yamma na yi, bayan la'asar sun gama guje-gujensu, saboda ƙafa tana ɗan kumbura zuwa yamma, idan kika auna da sassafe zaki samu ƙasa da gaskiyar abin. Kuma ƙafa biyun duka ake aunawa. Ni da ban taɓa sanin cewa ƙafafun mutum basu cika zama daidai ba sai da na ga na Yaya, dama santimita 22, hagu 22.3. Da babbar ake lissafi.

Da tef ɗin ɗinkina na auna daga bakin kwalin zuwa layin. Ummi ta ba da 19, Auta 16. Na kuma zagaye ƙafar kowa da biro dan in ga faɗinta, nan na ga ta Yaya mai faɗi ce sosai irin ta Abbansu, wanda hakan ya zo ya yi min amfani a kasuwa.

Yanzu maganar sararin da za a bari a gaba, wanda shi ne duk rigimar. Abin da ake so tsakanin bakin yatsa da bakin takalmi ta ciki shi ne wajen santimita ɗaya da ɗan wani abu, 1.2 zuwa 1.5, kamar faɗin babban yatsan hannun babba. Kuma ba duka ne na girma ba, wani ɓangare na sararin nan ƙafar ce take buƙatarsa dan tana ɗan zamewa gaba idan ana tafiya, ragowar ne na girman. Lambobin nan da muke kira 29, 30, 31, tsakanin kowace lamba da mai bi mata kashi biyu cikin uku ne na santimita, bai ma kai santimita ɗaya ba. To lambar da ta dace da yaro dama an riga an saka sararin nan a cikinta. Idan kika ƙara lambobi biyu a kai kamar yadda na yi bara, sararin ya haura santimita biyu da rabi, a ƙafar da gaba ɗayanta 18 ce. Da na yi wannan lissafin sai da na ji tausayin Ummi ya kama ni, ashe abin da ta yi ta ja kenan wata da watanni.

Lissafin da maƙwabciyar tawa ta koya min dan samun lamba: a ƙara 1.5 a kan tsawon ƙafar, sai a ninka da ɗaya da rabi. Ummi 19 da 1.5 ya zama 20.5, sau ɗaya da rabi ya kusa 31. Auta 16 ya ba da 26. Yaya 22.3 ya kai kusan 36. Amma tace min kar in yarda da lambar da aka buga a jikin takalmi, in riƙe ta a matsayin inda za a fara nema kawai, kuma wallahi gaskiya ta faɗa dan a kasuwa na ga 31 guda uku kowanne da tsawonsa. Shi yasa na yi irin na iyayenmu, na karyo tsinken tsintsiya uku, sai dai ni ban karya daidai ƙafa ba, na karya daidai tsawon ƙafar haɗe da sararin, na Ummi 20.3, na ɗaura wa kowanne zare mai launi daban dan kar su rikice min. Takalmin da tsinken ya kwanta a cikinsa daga diddige zuwa gaba ba tare da ya lanƙwashe ba kuma baya yawo, shi ne nake sa yaro ya gwada.

Eh, da yaran na tafi. Nasan wahala ne shiga kasuwa da yara uku a adaidaita sahu, ga rana ga cunkoso, amma tsinke tsawo kaɗai yake faɗa miki, baya faɗa miki faɗi ko tudun ƙafa ko inda takalmin zai ciji yaro. Ƙanwata ta raka ni ta riƙe Auta. Abbansu ya bani 25,000 yace iya abin da ya samu kenan, in yi yadda zan yi.

Muka fara da Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo saboda Yaya. Dalilina kuwa, shi ne mai kashe takalmi a gidan, ƙwallo yake bugawa da shi lokacin tara, ko da kuwa gwangwani ya samu a hanya sai ya buga, kuma makarantarsu baƙin rufaffen takalmi suke so. Sabon na fata na gaske kuɗinsa ya fi ƙarfina, sabon mai sheƙin nan kuma na riga na ga ƙarshensa bara. Sai gwanjo mai kyau.

A gwanjo akwai abubuwan da na koya da kuɗina. Na farko lambobin, da yawansu daga Turai suke, zaki ga an rubuta UK da wata lamba, EU da wata, wani lokacin har da US. Tamu da muka saba ita ce ta EU. Ta UK ta yara tana tafiya har 13 sai ta sake komawa 1, shi yasa UK 1 ya fi UK 13 girma, 13 ɗin wajen 32 ne a tamu, 1 kuma wajen 33. Wata mata a gefena ta kusa ɗaukar wa ɗanta ba daidai ba saboda wannan. Ni dai tsinkena nake sakawa kawai.

Na biyu, kuma wannan shi ne babban haɗarin gwanjo, ƙasan takalmin. Akwai wani irin sol mara nauyi mai kamar soso-soso da idan takalmi ya daɗe a ajiye yake ruɓewa ta ciki, a ido lafiyarsa ƙalau har zanen ƙasan bai goge ba, amma yaro na sawa kwana biyu zai fara marmashewa kamar burodin da ya bushe. Kuma abin mamaki wanda ya fi kama da sabo shi ya fi wannan matsalar, dan ajiya ce take kashe shi ba sawa ba. Yadda ake ganewa, ki lanƙwasa shi da ƙarfi ki duba ko ƙananan tsaguwa sun bayyana, ki danna farcenki a gefen diddigen, idan farcen ya shige ya bar rami ko ya ɓantaro gari, ko kika ji yana danƙo-danƙo a hannu, ajiye shi ko nawa aka ce. Na farkon da mai kayan ya miƙo min kyakkyawa ne wallahi, har Yaya ya fara murna, ina dannawa sai ga gari a farcena. Nace Malam duba nan. Ya karɓa ya duba, yace gaskiya ne Hajiya, a dila yake zuwa mana haka, ya jefa shi gefe ya shiga tono min wasu.

Mun gwada wajen guda shida. Biyu tsawonsu daidai amma sun matse shi a faɗi, ina shafa gefen sai in ji ƙaramin yatsansa ya turo fatar kamar zai fito. Mai kayan yace ai fata ce zata saki. Gaskiya fata tana ɗan saki a faɗi, amma bata ƙara tsawo, kuma ni ban ga dalilin da yaro zai yi wata guda yana ɗingishi yana jiran ta saki ba. Kuma ba a magance matsin faɗi da ƙara lamba, sai a koma matsalar bara, wani ƙirar ake nema mai faɗin baki. Wanda muka tsaya a kai mai zagayayyen baki ne, na igiya, fata ta gaske. Yadda na tabbatar fata ce, na leƙa ta ciki inda babu shafi na ga bayanta mai gashi-gashi ne kamar na jakar dukawa, na jabu kuwa bayansa yadi ne ko wani farin abu kamar auduga, an shafa roba a sama, ita ce take ɓarewa. Na matsa bayan takalmin inda diddige yake zama na ji shi da tauri bai kwanta ba. Na lanƙwasa shi ya lanƙwashe a gaba daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba, haka ake so, wanda yake naɗewa gida biyu a tsakiya kamar silifa ba zai riƙe ƙafa ba, wanda kuma baya lanƙwasuwa kwata-kwata kamar katako shi ma wahala ne. Na ɗora shi a kan benci na kalle shi ta baya in ga ko ya karkace gefe ɗaya, dan takalmin da wani yaro ya ci diddigensa ta gefe zai riƙa karkatar da ƙafar naki yaron. Wannan a tsaye yake cak.

Shimfiɗar cikinsa tana cirewa, sai na zaro ta na ajiye a ƙasa nace Yaya ya taka. Wannan dabarar ta fi danna gaban takalmi da yatsa, dan yara idan kika danna sai su janye yatsunsu, ki ɗauka akwai wuri alhali babu, ballantana idan takalmin ya burge su, ko yana cizonsu cewa zasu yi daidai ne Umma. A kan shimfiɗar kuwa komai a fili yake, na ga saura kamar faɗin babban yatsana a gaba, gefe da gefe kuma ƙafar bata zubo ba. Ya saka da safa, aka ɗaure igiya sosai, nace ya taka zuwa wancan shagon ya dawo da sauri. Idona a kan diddigensa, bai fita ba. 36 ne aka rubuta.

Ciniki kuma, yace 14,000. Nace Malam yara uku ne fa, ga su kana gani. Na taya 7,000 yace albarka, muka yi ta ja har na kama hannun Yaya zamu wuce, ya kira mu, aka tsaya a 9,500. Kusan kashi biyu cikin biyar na kuɗin hannuna a kan yaro ɗaya, ƙanwata har tana taɓa ni wai kuɗin ya yi yawa, nace ki bari zan miki lissafin a gida. Lissafin kuwa shi ne, bara shi ma irin na 4,500 ɗin nan na saya masa, kuma sau uku na saya kafin shekara ta ƙare, kowane zango ɗaya, 13,500 kenan ban da kuɗin gam da na mota. Ni yanzu ba kuɗin takalmi nake kallo ba, kuɗin zango nake kallo, nawa zai ci min a kowane zango idan na raba. Idan na 9,500 ya kai zango uku, dubu uku da 'yan kai kenan kowane zango.

Amma wannan lissafin yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce girman ƙafar. Ba amfanin sayen takalmin da zai yi shekara uku wa ƙafar da zata fita daga cikinsa a wata shida. Yara 'yan firamare irin Yaya da Ummi yawanci lamba ɗaya ce zuwa ɗaya da ɗan wani abu suke ƙarawa a shekara, ƙanana irin Auta sun fi haka sauri. Shi yasa ban raba kuɗin daidai ba, kuma ban ji na yi rashin adalci ba.

Na Ummi da Auta a Sabon Gari muka saya. Makarantar su Ummi sun yarda da sandal ruwan ƙasa irin mai rufaffen gaba da 'yan huji-huji da maɗauri a gefe, irin wanda muka sa muna yara. Ni na fi son shi ga yarinya a garin nan saboda zafi, ƙafa tana shan iska, babu wari babu ƙaiƙayin tsakanin yatsu, kuma maɗaurin yana da huda huɗu ko biyar, ana matsewa ana sassautawa. Wannan maɗaurin shi ne yake sa sararin gaba ya yi aiki, dan idan an riƙe ƙafa a wuyanta bata zamewa gaba. Takalmin bara irin wanda ake zurawa ne kawai babu igiya babu maɗauri, ga girma, abu biyu suka haɗu. Duk takalmin da za a bar wa yaro wurin girma a ciki to lallai ya kasance mai ɗauri.

Ɗan Aba na ɗauka mata. Nasan wasu da sun ji an ce Aba sai su taɓe baki, amma kaya ne hawa-hawa, akwai na banza akwai mai kyau, kuma mai shagon da kansa ya fito min da kala biyu yace Hajiya wannan 4,000 wannan 8,000, ki taɓa ki ji. Mai arhar ƙasansa kamar kwali ne aka lulluɓe, mara nauyi, ƙarfen maɗaurin siriri ina lanƙwasa shi da yatsa. Mai tsadar ƙasansa roba ce mai nauyi, saman kuma fata. A nan ne na ga abin da na faɗa na lamba, 31 na mai arhar tsinken Ummi ko shiga bai yi ba, a mai tsadar kuma 31 ya zauna daidai. Na samu a 6,500. Na sa ta saka ta ɗaure a hudar tsakiya, dan a samu inda za a sassauta nan gaba.

Auta kuwa ban wahalar da kaina ba, kambas baƙi mai maɗaurin mannewa na 4,000, mara nauyi, wanda zai iya sawa ya cire da kansa, dan malamarsu ba zata zauna ɗaure wa yara talatin igiya ba. Lamba 26 ta yi masa ɗan cif, 27 kuma na saka tsinke na ga ya yi daidai, na ɗauki 27 ɗin. Nasan ba zai shekara ba kuma ban sa rai ba.

Daga kasuwa bamu wuce gida ba, sai wajen wani dattijo mai gyaran takalmi a bakin layinmu. Wannan matakin kar a tsallake shi. Yawancin takalman nan gam kaɗai ya riƙe sama da ƙasa, ga shi ana komawa makaranta damina bata gama ɗaukewa ba, yaro ya taka ruwa ya taka taɓo, a shanya a rana, gam ya saki, takalmi ya buɗe baki. Idan aka bari sai ya buɗe sannan aka kai, ƙasa ta riga ta shiga, gefen ya riga ya yage, ɗinkin baya kamawa da kyau. Nace Baba a zagaye min su da ɗinki tun suna sababbi. Ya juya na Yaya ya ƙwanƙwasa yace 'yata wannan kin yi sa'a, ya ɗauki na Ummi ya nuna min wani zare da yake zagaye da gefen yace kin ga wannan ɗinkin ado ne, bai ratsa ƙasan ba, ni da na ɗauka an ɗinke shi ne. Ya ɗan tsaga hanya a ƙasan da wuƙa yadda zaren zai nutse ciki kar ƙasa ta cinye shi, ya bi da basilla da zaren nailan mai kauri. Ya ƙara wa maɗaurin Ummi ɗinki a inda ya haɗu da jiki dan yace nan ne yake fara tsinkewa. 700 kowanne. Na Auta yace a bar shi, ƙasan soso ne ɗinki yaga shi zai yi.

Jimla takalma 20,000, ɗinki 1,400, safa ta 1,800, man takalmi 600, ya kama 23,800, ragowar bai isa kuɗin adaidaita ba sai da na cika daga nawa. Na gwanjon na goge cikinsa da ruwan dettol a tsumma na bar shi ya sha iska a inuwa kwana biyu kafin ya fara sawa, kuma na sa duk su ukun suka riƙa sawa a gida na ɗan lokaci kwana uku kafin a koma, ina duba ƙafarsu idan sun cire ko akwai inda ya yi ja.

Yadda shekarar ta kasance kuwa. Dokar da na kafa ita ce ana dawowa a cire, takalmin makaranta ba na islamiyya ba ne ba na aike ba ne, silifa na nan. Wannan kaɗai ya ƙara musu kwana sosai. Da hunturu ya shigo fatar na Yaya ta fara bushewa tana fari-fari a inda take lanƙwasa, nan ne na dage da man takalmi sau biyu a sati, shi da kansa yake gogewa ranar Asabar da Laraba, dan fata idan ta bushe ta tsage shikenan babu gyara. Ranar da ya jiƙe kuma takarda muke cusawa a ciki a ajiye a inuwa, ba a kai shi rana ko kusa da murhu. Ƙarfen maɗaurin Ummi ya karye a zango na biyu, Baba ya canza wani a 300, ban da wannan har yau ƙalau yake.

Auta ana gama zango na biyu na ga ya fara take bayan kambas ɗinsa yana sa shi kamar silifa, da farko na yi masa faɗa na ɗauka rashin ji ne, sai da na cire na ga babban yatsansa ya yi ja a baki, safar ma ta huje daidai wajen. Na tsayar da shi a kwalin nan, 17 ya wuce kaɗan. Ashe matse shi yake bai iya faɗa ba. Yara ƙanana basu cika cewa takalmi ya matse su ba, sai dai ki gani a alamu, take baya, saurin cirewa da an shigo gida, huda a bakin safa, jan shati a gefen ƙafa, ko farce ya fara baƙi. Na saya masa wani, kuma ko da shi jimlar kuɗin shekarar bai kai na bara ba.

Na Yaya ya kai ƙarshen zango na uku da ransa, diddigen ne kawai ya ɗan ci aka lika masa roba. Sai dai sararin ya ƙare, da na zaro shimfiɗar na ga shatin yatsunsa ya kusa taɓa baki, saura bai fi rabin santimita ba, to ko takalmi lafiyarsa ƙalau idan aka zo nan an gama da shi. Na goge shi na sa mai na ba ɗan ƙanwata da ƙafarsa take bayan ta Yaya da lamba ɗaya, bayan Baba ya yanka masa sabuwar shimfiɗa. Kwalin awon yana bayan durowa, kowane layi na rubuta wata da sunan mai shi a gefe, kuma yanzu duk ƙarshen hutu sai na tsayar da su a kai. Jiya na auna Ummi, sandal ɗin zai iya kai ta zangon farko idan na sassauta maɗaurin huda ɗaya, na Yaya ne zan fara tara wa kuɗi tun yanzu, 37 zan nema mai faɗin baki.